Wanda ya ce jikinsa na ciwo, ya musanta baƙin cikinsa ne?

Tambaya: Likita, ina digiri na biyu a Gombe, ina kan babin bitar ayyukan da suka gabata. Na rubuta cewa mutanen Afirka da Asiya da jiki suke bayyana ciwon damuwa, Turawa kuwa da zuciya. Malamina ya ja jan biro a kai, bai ce komai ba. Ina kuskuren?

Amsa: Malama, abu uku kika zuba a kwano ɗaya. Akwai abin da mara lafiya ya fara faɗa wa likita. Akwai yawan ciwukan jiki da gwaji bai gano dalilinsu ba. Akwai kuma wanda aka tambaye shi kai tsaye ya ce babu abin da ke damun ransa. Duka ukun ana laƙaba musu suna ɗaya a takardun bincike, wato `somatization`, kalmar da za ki riƙa bugawa wajen nema. Kirmayer da Robbins sun nuna tun 1991 cewa kalmar ta ƙunshi abubuwa mabambanta.

Ga misali daga ɗakin duba marasa lafiya. Wata mata ta zo min daga wajen Kumo, shekarunta sun kai arba'in. Ta ce tsakiyar kanta na ɗaukar zafi, wani abu na yi mata yawo a ƙafa kamar tururuwa, jikinta ya mutu. Ledar da ta ajiye kan tebur cike take da maganin taifot da na maleriya da na olsa, wata shida tana sha. Da a nan na tsaya, sai in rubuta "ciwon jiki kawai". Sai na ce, Hajiya, yaya barci? Ta ce tun kafin kiran assalatu idonta ke bushewa. Kina zuwa biki da suna? Ta daina. Tunani fa? Ta ja gyale ta rufe fuska. Ba ɓoyewa take ba. A saninta asibiti wurin kai ƙarar jiki ne, ɓacin rai kuwa na haƙuri da addu'a ne, ga tsoron kada a ce ta samu taɓin hankali. Duk da haka sai da na sa aka auna jininta da sukari da maƙoƙo, domin ƙarancin jini ma yana kawo irin wannan kasala.

Binciken da ya kamata ya zama ƙashin bayan babinki shi ne na Simon da abokansa na 1999, wanda suka ɗora kan bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya daga cibiyoyi 15 a ƙasashe 14, har da Ibadan. Cikin masu ciwon damuwa 1,146, kashi 69 cikin ɗari ciwon jiki kaɗai suka ce ya kawo su. Amma da aka tambaye su kai tsaye, kashi 11 ne kawai suka musanta alamomin damuwar rai. Ki lura da wannan tazarar. Sannan fara magana da ciwon jiki ya fi yawa a cibiyoyin da mara lafiya ba shi da tsayayyen likitan da ya saba da shi. Wanda ya kwana a layin kati, aka ba shi minti biyar gaban baƙuwar fuska, da ciwon kai zai fara ko ɗan wace ƙasa ne.

Aikin Kleinman na 1982 a lardin Hunan na ƙasar Sin kowa na kawo shi: mutum 100 da aka ce raunin jijiya ke damunsu, 87 sun cika sharuɗɗan ciwon damuwa. Ki haɗa shi da na Ryder na 2008, wanda ya kwatanta marasa lafiya a Changsha ta ƙasar Sin da na Toronto ta Kanada, har ya karkata ga cewa fifita zancen zuci da mutanen Yamma ke yi shi ma al'ada ce, ba ma'aunin kowa ba.

Inda nake ganin ɗalibai na zamewa shi ne sunayen gida. Kufungisisa na Shonawan Zimbabuwe, wato yawan tunani, da ode ori na Yarbawa, wato jin wani abu na yawo a kai da jiki, da Makanjuola ya bayyana a 1987, ba fassarar ciwon damuwa ba ne. Suna haɗuwa da shi a wani wuri, su rabu a wani. Haka "faɗuwar gaba" tamu, sau da yawa ta fi kusa da fargaba.

Saboda haka duk takardar da kika ɗauka, ki rubuta a gefenta wace ma'ana cikin ukun ta auna, a ina aka samo mutanen, da wane harshe da wace takardar tambayoyi. PHQ-9, takardar tambayoyi tara ta auna ciwon damuwa, tana tambayar barci da gajiya da cin abinci, amma ba ta da gurbin zafin kai ko abin da ke yawo a ƙafa. Binciken da ya dogara da ita kaɗai ba zai iya gaya miki yawan masu irin koken matar Kumo ba, komai yawan mutanen da ya tambaya.