Jika 24 a baki, jika 9 a kaye

*Hajiya, man girki nake sayarwa a babbar kasuwar Maraɗi. Jarka mai lita 25 jika 22 nake sarowa, ina sayar da lita jika guda, kuma jarka 8 nake tashi da su a wata. A lissafina ribata jika 24 ce, shi ya sa na shiga adashin jika 5 duk sati. Ɗiyata ƴar makaranta ta rubuta mini shiga da fita a kaye tsawon wata guda, sai ta ce wai jika 9 ce. Ga shafukan nan na aiko. Yarinyar ce ta yi kuskure, ko wani ke ɗebe mini? Ko barci ba na yi. (Wata mai mai, unguwar Zariya)*

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, kada ki zargi kowa. Na bi shafukan layi-layi, yarinyar nan ba ta ɓata ko dala ɗaya ba, Allah ya yi mata albarka.

Kin biya jika 176 kuɗin jarka takwas, kina jiran jika 200 su dawo. Abin da ya shigo hannunki jika 189 ne, kuma kayen ya nuna inda sauran 11 suka bi. Jika 4 bashi ne wajen mutum uku, har yau ba su kawo ba. Lita 3 kin kai gida an yi miya da suya, jika 3 ke nan. Sauran 4 ɗin gyara ce da abin da ke maƙalewa a gindin jarka da mazurari, rabin lita a kowace jarka. Saura jika 13 a kan uwar kuɗi. Cire jika 2 na adaidaita mai kawo miki kaya, da jika ɗaya da dala 60 na tikitin kasuwa, dala goma-goma kwana 26, da dala 140 na leda. Ga jika 9 ɗinki nan.

Ba duka ne asara ba. Man da aka ci a gida ke kika ci, bashin ma wataƙila ya dawo. Amma ko an haɗa su jika 16 ne, adashinki kuwa jika 20 yake ci a wata. A nan hankalina ya tashi. Duk wata kina ciko da jika 11 daga jari, wata biyu kuɗin jarka guda cur sun tafi. Alamar ba ta ɓuya: ranar sari za ki ga kuɗi ba su cika ba, ki ce wa mai shago ya ba ki jarka ɗaya sai kin sayar. Na ga mata da yawa sun bi ta nan. Ranar kwasa a yi guɗa, a sayi atamfa da kwanukan jere, ana cewa riba ce, alhali uwar kuɗi ce aka zuba da hannun dama aka karɓa da hagu. Adashi ba ya haihuwa, abin da kika sa shi za ki ɗauka. In kin kwashe wannan zagayen, ki fara mayar wa jari abin da kika ranta kafin ki sayi ko ɗan kwali. Kada ki fice a tsakiya ki ɓata sunanki, amma ki gaya wa uwar adashi tun yanzu cewa zagaye na gaba jika 2 ne ƙarfinki.

Gyara kuma ban ce ki hana ba, mai saye a Maraɗi in ba a ɗiga masa ba gobe teburin maƙwabciya zai nufa. Ki ware ta ga mai sayen lita, ba mai sayen na dala 20 ba. Jarkar da za ki buɗe nan gaba ki aune ta kaf a gaban idonki, ki kife ta ta tsane, ki san ko lita 25 ɗin gaskiya ce. Ban ga kuɗin jarkokin da kika juye a kayen ba. In kina sayar da su a rubuta, in kyauta kike bayarwa ki daina. Kuma kada wata ta ba ki shawarar lotsa ma'auni ko gauraya mai da na banza don cike giɓi, haramun ne, masu soya ƙosai kuma tun a kaskon farko suke ganewa.

*Hajiya, ni ma zan fara rubutawa. Kaye mai bango mai kauri zan saya ko na ƴan makaranta? (Mai tebur, Ɗan Gulbi)*

Malam, da wannan ka tsayar da ni? Sayi mafi araha, ka rubuta kuɗinsa a layin farko.