Amshi daban, amsa daban

*Malam, ina ƙoƙarin in riƙa daidaita saƙona da na wanda ya rubuto mini a waya, gajere ko dogo. Sai wata aminiyata ta ce na zama 'yar amshin Shata. Mene ne ma'anar wannan, kuma ina kuskurena?*

Malama, aminiyarki ta san Hausa. Amshi shi ne abin da mataimakan mawaƙi ke maimaitawa bayan ya yi baiti, kuma ba su da ikon canza shi. Daga mawaƙin nan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, aka samo wannan magana, ana faɗarta ga mai maimaita abin da wani ya ce ba tare da ya kawo nasa ba. Amsa kuwa magana ce ta mai ita.

Dubi gaisuwarmu. In an ce miki "Ina kwana?" ba za ki mayar da "Ina kwana?" ki yi shiru ba, "Lafiya lau" za ki ce. "Ina gajiya?" "Ba gajiya." "Ina labari?" "Sai alheri." Kalma biyu aka ba ki, kalma biyu kika mayar, amma ba su kika kwafo ba. Abin da ake daidaitawa shi ne awo, kalmomin kuwa naki ne.

Karin maganar da ta dace a nan ita ce "daidai ruwa daidai tsaki". Tsakin nan ba wanda ake ja da baki ba ne, ɓarzajjen hatsi ne da ake kunu da shi. Ruwa ya yi yawa, kunu ya tsinke. Ya yi kaɗan, ya cure. Ki lura, ba a ce daidai ruwa daidai ruwa ba.

A ce aminiyarki ta rubuto: "Wayyo daɗi! Na samu aikin nan! Litinin zan fara!" In kika ce "To", kin watsa mata ruwan sanyi. In kika ce "Wayyo daɗi! Kin samu aikin nan!" har da irin alamomin dariyar da ta jera, amshi ke nan, kuma in ya yawaita sai ta ɗauka kwaikwayonta kike yi, wanda a Hausa ba shi da nisa da ba'a. Ki ce: "Kai, masha Allah! Barka! Ashe wahalar nan ba ta tafi a banza ba. Yaushe za mu zo cin albashin farko?" Tsawon ya yi kusa da nata, murnar ta kai tata, ga tuna baya da tsokana waɗanda ke kaɗai za ki iya kawowa. Kafin ki tura, ki duba: in an cire kalmominta daga saƙonki, me ya rage?

Sai dai awon nan na tsara ne. In surukarki ta rubuto "Madalla" kawai, ke ki cika gaisuwarki, ki tambayi mutanen gida. Wanda ya zo da faɗa kuma, tsawon saƙonsa za ki iya bi, zafinsa ki bar masa.