Bakinka Hausa, allonka Faransanci

"Zan yi wa ma'aikatan lafiya jawabi a Damagaram kan cizon sauro, wasu sun fi jin Faransanci, wasu Hausa. Wanne zan rubuta a allon majigi, wanne zan faɗa?"

Malam, ka yi maganarka da Hausa, rubutun allo ya kasance Faransanci. A nan Zinder, yawanci wanda ya yi boko da Faransanci ya koyi karatu, ko Bahaushen asali ne sai ka ga yana tuntuɓe wajen karanta ɗ da ƙ. Amma kunne kam na Hausa ne, har Barebari da Fulanin da ke zauren.

Allon ya ɗauki abin da kunne ke ɓatarwa: sunan magani, awonsa, shekara, lambobi. Layi 4 sun isa. In ka zo kan lamba, faɗe ta da Hausa kana nuna ta da yatsa, musamman kuɗi. Allo na cewa sefa 500, kai kuma ka ce dala ɗari tunda dala ɗaya sefa 5 ce, sai wani ya rubuta 100 a littafinsa.

Kada ka fassara kowace jimla sau biyu, jawabin minti 20 zai koma 40, rabin zauren na danna waya. Baƙi daga Yamai da ba sa jin Hausa, ba su taƙaitawa ta minti 2 bayan kowane sashe. Ka kuma buga shafukan a takarda, saboda wutar lantarki ba ta da alkawari.