Mai zagi a taro, a kore shi ko a saurare shi?

Tambaya: Ni ne shugaban koperatif ɗin masu noman albasa a nan jihar Tawa. Mun fara mu 18, yanzu mun haura 120. Taro ya koma zage-zage, har wani ya ce da ma'ajinmu ɓarawo ɗan ɓarawo a gaban jama'a. Wasu sun ce in kore shi, wasu sun ce in na yi haka na toshe bakin masu gaskiya. Ya zan yi?

Amsa: Alhaji, kada ka kore shi tukuna, kada kuma ka bar maganar ta wuce kamar ba a yi ba. Galibi wanda ya tashi a fusace a taron kuɗi abu biyu yake ɗauke da su a baki guda: akwai ashar, akwai kuma tambayar da ta sa shi tashi. Aikin mai jan taro shi ne ya sa a janye ashar ɗin, tambayar kuma ta shiga littafi. Shugabanni da yawa ko dai su watsar da duka biyun don an yi rashin ladabi, ko su haɗiye duka biyun don kada a ce suna kare ɓarawo.

A ce abin da ya faɗa shi ne: "Kai ɓarawo ne ɗan ɓarawo, ina jaka 300 da muka tara na takin zamani?" "Ɗan ɓarawo" zagi ne tsantsa, ya taɓa uban da ba ya wurin, babu abin da za a bincika a ciki. Amma jaka 300 magana ce mai adadi, ana iya buɗe littafi a duba, ko tana nan ko ba ta nan. To, sai ka tsayar da shi nan take, ka kira sunansa ba tare da ɗaga murya ba, ka ce: "Malam wane, janye maganar uba, sannan ka maimaita tambayarka, magatakarda zai rubuta." In ya janye, magatakarda ya rubuta ta da kalmomi masu tsabta: jaka 300 na taki, yaushe aka karɓa, me aka saya, ina rasit. Ya karanta wa jama'a, mai tambaya ya ce e, haka nake nufi. Daga nan a sa ranar amsa, a faɗe ta a fili, ko taro mai zuwa ko kwana 15. Kada ka tilasta wa ma'aji ya amsa a tsaye da zafin rai. Wanda aka zagi ubansa yanzu-yanzu ba ya iya lissafi, ramuwa zai yi, kuma da ya rama an manta da taki.

Wa zai duba littafin? Ba kai ba, ba ma'aji ba. Dokar koperatif ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashen Afirka da dama, wadda aka amince da ita a Lome a 2010 kuma take aiki a Nijar, ta tanadi wa ƙaramar koperatif kwamitin sa ido na mutum 3 zuwa 5, dabam da kwamitin gudanarwa. Wurare da yawa sunayensu na kan takarda kawai, ba su taɓa ganin rasit ba. Su za ka miƙa wa tambayar, su dawo su karanta abin da suka gani. In kuɗin na nan, mai zargi ya ba ma'aji haƙuri a gaban mutanen da ya zarge shi a gabansu, kada a kai abin zaure a ɓoye. In akwai giɓi kuwa, to mutumin nan ya yi muku aiki, ko da bakinsa ya yi kaushi.

Haka kuma duk ranar da kai ake suka, sauka daga kujera ka ba mataimakinka ko wani dattijo ya ja wannan ɓangaren. Shugaban da ya katse mai sukarsa, ko da gaskiyarsa, jama'a za su ce tsoro ya ji.

In ya ƙi janyewa fa? Hukunci hawa-hawa ne, kuma dole ya kasance a rubuce cikin dokar cikin gida, babban taro ya amince da shi kafin a yi wa kowa. Na farko, ya rasa damar magana a wannan zama. In ya ci gaba da ihu, mutum biyu da yake jin nauyinsu su fita da shi waje, amma a kira shi in an zo ƙuri'a, don a koperatif kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, zagi ba ya soke ta. Tara ba na sonta sosai: jaka guda ba komai ba ce wurin mai buhu ɗari, sai ya biya ya ƙara zagi, ƙaramin manomi kuwa sai ya daina buɗe baki gaba ɗaya. Kora ita ce ta ƙarshe, kuma ba a bakin shugaba take ba. Dokar OHADA ta ce a sanar da mutum a rubuce, kuma ko kwamiti ne ya yanke, sai babban taro ya tabbatar tare da bayyana dalili. Barazanar duka ko zaro makami kaɗai ba ya jiran hawa-hawa, a fitar da mai shi nan take.

Lokacin da kuke 18 kowa ya san uban kowa, kunya ce ke tsare taron. Yanzu akwai waɗanda ba su san juna ba, don haka sai tsari. Magatakarda ya rubuta masu ɗaga hannu bi da bi, kowa minti 3, ba mai magana sau biyu sai an gama da waɗanda ba su yi ba, kuma kowa ya fuskanci mai jan taro, kada ya fuskanci abokin gardamarsa. Wannan na ƙarshen ƙarami ne a ido, amma yana rage faɗa sosai, don da wuya mutum ya zagi wanda ba ya kallo. Ka kuma lura da wasan taubasai. Abin da Bafillace zai faɗa wa Ba'are ko Babarbare a yi dariya, baƙon da bai san tsakaninsu ba zai ɗauka an buɗe ƙofar zagi, shi ma ya jefa tasa. Ba na cewa a hana, sau da yawa wasan ne ma ke huce taro, amma a ajiye shi in an zo maganar kuɗi.

Yadda za ka gane ka matse da yawa: taro ya riƙa ƙarewa cikin rabin awa, a karanta rahoton ma'aji ba mai tambaya, komai a ce "mun yarda", sannan da an tashi ka ga mutane rukuni-rukuni a gindin bedi, ko ka ji maganar ta ɓulla a fada wurin shayi da dare. Bayan wata biyu kuɗin wata-wata ya fara tsinkewa. In kuwa ka sassauta da yawa, mata da samari ne za su fara yin shiru, daga baya su daina zuwa, ya rage mutum biyar masu babbar murya. Ka sa magatakarda ya riƙa ƙirga mutum nawa ne suka yi magana a kowane zama, da mata nawa a cikinsu, ka kwatanta zama uku a jere. Shi kuwa mutuminku, aika masa dattijo kafin taro mai zuwa ya gaya masa za a saurari tambayarsa ta kuɗi, da sharaɗin ya fara da janye maganar uban ma'aji.