Lissafin kamfaninmu ya nuna kuɗi na zurarewa, in kai abokin hulɗata wajen 'yan sanda?

Barista, ina da kashi 30 cikin ɗari a wani ƙaramin kamfanin yin bokiti da robobi a Sharaɗa, Kano, abokina ne ke da sauran kuma shi ne manajan darakta, ni ba darakta ba ne. Akantan da na nuna wa lissafin bana ya ce abin da suke kira karent reshiyo ya faɗo daga 2.0 zuwa 1.2, kwanakin da dilolinmu ke ɗauka kafin su biya sun tashi daga 45 zuwa 80. Ni dai na san cin kuɗin ake. Ina so in sa a kama shi ya dawo min da miliyan 15 ɗina.

To Alhaji, na duba takardun da ka turo, kuma shafi biyu ne kawai, don haka duk abin da zan faɗa ka ɗauke shi da sharaɗin ban ga cikakken littafi ba. Amma tun yanzu in gaya maka, waɗannan alƙaluma biyu ba su tabbatar da sata ba, abin da suka nuna shi ne kamfanin yana shiga matsin kuɗi, shi kuma matsi dalilansa da yawa.

Reshiyon nan ba wani abu ba ne illa a tara abin da kamfani ke da shi wanda zai zama kuɗi cikin shekara, wato kaya a sito da bashin da kuke bin mutane da kuɗin banki, a raba da bashin da ake bin ku wanda dole a biya cikin shekarar. Bara kuna da kaya na miliyan 14, kuna bin diloli miliyan 18, banki akwai miliyan 8, jimla 40, ana bin ku 20, shi ne 2.0 ɗin. Bana kaya 15, bashin diloli ya kai 32, banki saura miliyan 1 tal, jimla 48, amma abin da ake bin ku ya ninka zuwa 40, shi ya ba da 1.2. Su kuma kwanakin, cinikinku na bashi bai motsa ba, miliyan 146 ne duk shekara biyun, wato dubu 400 a rana, in ka raba 18 da wannan ka samu kwana 45, in ka raba 32 ka samu 80.

Inda na fi so ka tsaya shi ne nan. Jinkirin diloli shi kaɗai bai isa ya bayyana faɗuwar ba. Kamfani ya ƙara cin bashin miliyan 20, ya kuma cinye miliyan 7 daga banki, 27 ke nan suka shigo hannu. Miliyan 14 sun maƙale a wajen diloli, 1 ta tafi ƙarin kaya, 15 ke nan. Ina sauran 12? Wannan ce tambayar da ya kamata ka yi, ba kamun mutum ba. Mai yiwuwa asara aka yi saboda tsadar dizal da ɗanyen roba alhali ba a ƙara farashi ba, mai yiwuwa an sayi sabon inji ko janareta da obadiraf, wato bashin banki na gajeren lokaci, wanda rashin dabara ne amma ba laifi ba, mai yiwuwa kuma wani tsohon bashin banki na dogon zango ne wa'adinsa ya shigo cikin wata 12 akanta ya sauko da shi layin bashin kusa, a nan ko kwabo bai fita ba lissafi ne kawai ya canza kujera. Kuma e, mai yiwuwa darakta ne ya zara. Ban cire wannan ba, sai dai takardar da ke gabana ba ta faɗa ba.

Shi ma kwana 80 ɗin matsakaici ne, yana ɓoye abubuwa. Ka nemi jerin masu bashin, kowa da sunansa da adadinsa da tsawon lokacin da ya yi. In an yi babban ciniki ne a watan ƙarshe kafin rufe littafi, adadin zai kumbura ba tare da wata matsala ba. Amma in ka ga dila biyu ko uku ne ke riƙe da rabin kuɗin, sun haura wata shida, ana kuma ci gaba da loda musu kaya, balle a ce ɗaya ƙanin matar manajan ne, to nan magana ta canza. A ce miliyan 10 daga cikin 32 ɗin ba za su dawo ba, reshiyonku na gaskiya 38 ne a kan 40, wato 0.95, abin da ke hannu bai kai abin da ake bin ku ba.

Yanzu maganar haƙƙinka, inda nake ganin ka yi kuskuren fahimta. Miliyan 15 ɗin da ka zuba, in dai hannun jari ka saya kamar yadda ka ce, ba bashi ba ne da za ka ce a dawo maka da shi, ya zama kuɗin kamfani, kamfani kuma a doka mutum ne mai zaman kansa. Ko da an tabbatar an ci kuɗin, a ƙa'ida kamfanin aka cuta, shi ke da ikon ƙara. Dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta bar wa mai ƙaramin kaso ƙofofi, za ka iya neman izinin kotu ka yi ƙara a madadin kamfani, ko ka shigar da koke cewa ana tafiyar da shi ta hanyar da ke danne ka, kuma a nan kotu na iya umartar a sayi kasonka. Duka a Babbar Kotun Tarayya ake yi, ba kotun unguwa ba, ga kuɗi ga lokaci, kuma alƙali zai nemi hujja fiye da reshiyo. Batun 'yan sanda kuwa, dokar gudanar da shari'ar laifuka, wato ACJA ta 2015, da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum kan rikicin kwangila ko wata taƙaddamar da ba ta laifi ba, in ka sa aka tsare shi ba hujjar laifi, kai ma ana iya haɗawa da kai a ƙarar tauye haƙƙi. Ka kuma tuna da bankin da ke bin ku obadiraf da masu kawo muku ɗanyen kaya, ranar da suka ji manajan darakta na ofishin 'yan sanda kowa zai zo karɓar nasa, kamfani mai miliyan 1 a banki ba zai kai sati ba, in kuwa aka rushe shi masu bashi ake fara biya, kai mai hannun jari kai ne na ƙarshe a layi.

Ba ina wanke abokinka ba ne. Ka ce sau uku kana tambaya yana ce maka kasuwa ce, gaskiya wannan ba amsa ba ce, mutumin da ke riƙe da dukiyar wani ya san abin da ya kamata. Tunda kasonka ya wuce kashi ɗaya cikin goma kana da damar neman a kira taron masu hannun jari, wannan wasiƙa ce kawai kowane lauya zai rubuta maka. Cinikinku ma ya haura miliyan 120, don haka a fahimtata ba ku cikin ƙananan kamfanonin da aka ɗauke wa odita, sai dai a sake duba wannan. A wasiƙar ka nemi rahoton odita, jerin masu bashi, sitatimen ɗin banki na wata 12 da bayanin miliyan 12 ɗin nan, ka sani dai kai ba darakta ba ne, ba ka da ikon shiga ofis ka buɗe littafi kai tsaye, shi ya sa lallami zai fi kawo maka takardun da sauri.

In ya kawo, ku zauna da akanta wanda ba na kowa ba, ku yanke iyakar bashin kowane dila, a daina ba wanda ya haura kwana 60 kaya, kai kuma ka nemi kujerar darakta ko sa hannu na biyu a asusun banki. In ya ƙi, ku je cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Kano ko wajen wani dattijo a kasuwa da ku duka kuke jin nauyinsa, a yi maganar ya sayi kasonka bayan an ƙiyasta darajarsa. Ka turo min takardar rajistar CAC da duk wata yarjejeniya da kuka sa wa hannu, don in akwai sharaɗin sasanci a ciki ma, kotu na iya mayar da ku can.