Yadda za a gina cinikin tela da mai ɗinki a gajeren labari

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuta gajeren labari a kan wani matashin tela a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, wanda shugaban makarantar Islamiyya yake son ba shi ɗinkin kayan ɗalibai amma bai yarda da shi ba. Duk sa'ad da na kai wurin cinikin sai abin ya yi lami: yaro ya rantse cewa shi mai gaskiya ne, Malam ya amince, shi ke nan. Ta yaya zan rubuta wannan wuri har mai karatu ya gamsu cewa an yi adalci?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Rantsuwa ba za ta ɗauki nauyin wannan wuri ba, domin telan da ya cuci Malam a baya shi ma ya rantse. Abin da zai tayar da labarin shi ne ki san takamaiman abin da Malam yake tsoro, sannan ki sa kowane sharaɗi da yaron zai kawo ya zama amsar wannan tsoro, kuma ya kasance akwai abin da yaron ya rasa kafin ya samu yardar.

Mu fara da shakkun Malam. Mutum ba ya ƙin tela haka kawai, kuma duk wanda ya taɓa kai ɗinki ya san hanyoyin da ake ɓata masa rai: tela ya karɓi kafin alƙalami ya cinye, ko ya saɓa alkawarin rana, ko ya rage yadi, ko ya ɓata awo. Zaɓi ɗaya ko biyu, kada ki tara su duka a kansa. A ganina wanda ya fi dacewa da shugaban Islamiyya shi ne rage yadi haɗe da saɓa rana, saboda kuɗin da ke hannunsa na iyayen yara ne, waɗanda suka tara shi da sayar da gero ko akuya, kuma shi za su tare a ƙofar masallaci idan kayan ba su fito ba. Idan mai karatu ya ji cewa bara Malam ya je Kantin Kwari da kansa ya sayo yadi, ya miƙa wa wani tela, aka dawo masa da riguna da suka tsaya wa yara a gwiwa, ba a kuma nuna masa ko ƙyalle ɗaya da ya rage ba, to ba zai ga Malam a matsayin mugu ba, zai gan shi mutum ne da aka taɓa ƙonawa. Wannan yana da muhimmanci, domin ciniki ba ya yin daɗin karatu sai kowane ɓangare yana da hujja.

Daga nan sai ki yi lissafin aikin a takarda kafin ki rubuta ko jimla ɗaya ta hirar. Bari mu ɗauki misali, kuɗin kuwa ki daidaita shi da abin da telolin garinku suke karɓa a lokacin da labarin ya faru. Yara maza 40, kowanne riga da wando. Yaro matsakaici yana cin kimanin yadi 3, manya su ɗara, ƙanana su gaza, wato jimla kusan yadi 120. Telan yana da keke ɗaya na takawa da almajirin sana'a guda wanda yake yi masa guga da sa maɓalli, kuma idan ya zauna tun hantsi har magariba zai iya fitar da kaya uku masu kyau a rana. Kaya 40 ke nan za su ci masa kwana 14 na aiki zalla, kuma idan aka cire Juma'a da ranar kasuwa da ranar da allura ko bel za su ba shi matsala, gaskiyar magana mako uku ce. Malam kuwa kwana goma yake so, kuma naira 2,000 ya taya a kan kowane kaya, alhali yaron 2,500 ya faɗa. Da zarar waɗannan lambobi sun zauna a kanki, za ki ga wurin da rikicin yake, kuma hirar za ta riƙa zuwa da kanta.

Wurin da labarin zai juya shi ne batun kwana goma. Kowane tela da ke neman aiki zai ce ya yarda, ya bari sai ranar ta zo ya fara ba da haƙuri, kuma Malam ya saba jin haka. Sa yaronki ya ƙi. Misali:

"Allah gafarta Malam, kwana goma ba zai yiwu ba. Kaya uku nake iya fitarwa a rana, in na ce maka huɗu ƙarya na yi."

Malam ya dube shi, ya dubi keken. "To, ɗan nan, ai na can bakin kasuwa ya ce mako guda ma ya ishe shi."

"Shi ya san hannunsa, Baba. Ni nawa na sani. A ba ni yadin yara biyar, a dawo jibi da la'asar. In bai yi ba, an yi asarar yadi goma sha biyar, ni zan biya."

Lura cewa yaron bai kushe abokin sana'arsa ba, bai kuma yabi kansa ba. Ya faɗi abin da zai iya sa ya rasa aikin, kuma wannan ne dalili na farko da Malam zai samu na saurarensa. Tayin ɗinka biyar na gwaji shi ma yana da tushe a sana'ar, domin mai babban aiki yakan nemi samfur kafin ya saki yadinsa gaba ɗaya. Ki nuna ranar dawowar da kyau: kaya biyar a goge a ninke, kowanne da sunan yaro a ɗan guntun takarda, sannan wata 'yar leda a gefe mai ɗauke da ƙyallayen da suka rage. Malam ya zazzage ledar a kan tabarma, ya juya ƙyallayen da yatsa, ya kifa riga ɗaya ya ja ɗinkin hammata da ƙarfi ya ga ko zai buɗe. Ba sai kin ce ya fara yarda ba, mai karatu zai gani.

Inda marubuta da yawa suke tuntuɓe shi ne su sa telan ya amince da duk abin da aka gindaya masa don a nuna kirkinsa. Wanda ya yi haka an ci shi da ciniki ne, kuma yarjejeniyar ba ta zama ta adalci ba. Tela ma yana da abin tsoro, kuma na gaske ne. Akwai mai kawo yadi a makare sannan ya tsaya a kan ranar farko. Akwai mai sauya salon wuya bayan an yanka. Mafi ciwo shi ne mai kwashe kaya ya ce kuɗi sai iyaye sun gama biya, a yi ta jeka-ka-dawo har kaka. Don haka bayan gwajin ya yi kyau, lokacin yaron ne ya faɗi nasa: sauran 35 za a kasa su kashi uku, mako-mako, kuma kowane kashi a biya kuɗinsa ranar da aka karɓa, yadi ya iso gaba ɗaya a rana kaza, idan ya makara da kwana biyu ranar gamawa ma ta matsa da kwana biyu, shi zai je makaranta ranar Asabar ya auna kowane yaro ya rubuta a littafi a gaban Malam, tunda Alhamis da Juma'a ba a karatu, kuma duk rigar da ta saɓa wa awon da ke littafin gyaranta a kansa yake. A madadin haka ya sauko zuwa 2,300, ya kuma haƙura da kafin alƙalami, wato zare da maɓalli na makon farko daga aljihunsa za su fito. Malam ya saki kwana goma, yaro ya saki naira 8,000 daga abin da ya so samu. Ba lallai ki zuba duk waɗannan a baki ɗaya ba. Ki rarraba su, Malam ya ƙi ɗaya, ya yi shiru a kan wani, ya miƙe kamar zai tafi sannan ya dawo.

Akwai wani abu da halin Malam zai ba ki a kyauta, shi ne iliminsa. Malamin da ya yi karatun fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake bi a ƙasar Kano da Jigawa, ya san cewa mai sana'ar da ya buɗe wa jama'a shago, kamar tela ko marini, yana lamunin kayan da aka bar masa idan suka ɓace ko suka lalace a hannunsa, sai fa idan akwai shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Ya kuma san cewa ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, tana buƙatar a san aikin a san ladan tun farko. Saboda haka idan yaro ya ce a rubuta, Malam yana iya jin kamar an raina shi, ya ce shi da yake limancin gari za a nemi takarda a wurinsa? Amsar da ta dace da bakin yaro mai ladabi ita ce ya tuna masa, cikin sunkuyar da kai, cewa a makarantarsa aka karantar da su ayar bashi ta Suratul Baƙara, aya ta 282, wadda ta yi umarni da rubutawa da kafa shaidu. Ki yi hattara kada wurin ya koma wa'azi. Jimla ɗaya ta isa, Malam ya yi murmushi ya aika a kira ladan da mai unguwa su shaida. Takardar kuwa ba ta lauya ba ce, shafi ne da aka yago daga littafin awo, aka rubuta shi sau biyu, da boko ko da ajami, kowa ya riƙe ɗaya.

Lokacin da labarin ya faru ma zai iya ƙara masa nauyi. Idan kika sa cinikin a ƙarshen Sha'aban, mai karatu ya san ɗinkin Sallah yana tafe, ya san cewa duk ranar da yaron ya ba kayan makaranta ya hana ta ga shadda da atamfa masu kuɗi fiye da haka, ya kuma san dalilin da ya sa Malam yake zargin za a ture aikinsa gefe da zarar azumi ya kai goma.

Game da inda za ki tsaya, ina ba ki shawara kada ki bi aikin har kaya na arba'in, kuma kada ki rufe da cewa yaron ya shahara ya buɗe babban shago a Dutse. Labarinki na ciniki ne, don haka ya ƙare a wurin da cinikin ya fuskanci gwajinsa na farko. Misali, yadi ya makara da kwana biyu saboda motar da ta ɗauko shi daga Kano ta lalace a hanya, Malam ya zo yana neman a riƙe ranar farko, yaron ya buɗe littafin awo ya ciro takardar. Abin da Malam zai ce a wannan lokaci, ko ya tsaya a kan sharaɗin da ya sa wa hannu duk da cewa shi ne zai cutu, ko ya nemi sassauci yaron ya rage masa kwana ɗaya don ganin girmansa, shi ne za ki yanke gwargwadon halin da kika ba su tun daga shafin farko.