Lambobin waya sun cakuɗe a Excel: yaya zan raba su?

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyarmu. Na fitar da lambobin membobi daga wayata, na buɗe a Excel, sai na ga komai ya dunƙule a layi ɗaya na tsaye. Ina son suna daban, lamba daban.

Amsa: Abin da wayar ta ba ka fayil ne mai ƙarewa da .vcf, kuma ba don Excel aka yi shi ba. Kowane mutum a cikinsa haka yake:

```
BEGIN:VCARD
FN:Musa Tela
TEL;CELL:0803 000 0000
END:VCARD
```

Kada ka wahalar da kanka da gyaran hannu. Shiga Google Contacts a kwamfuta, danna Import ka ɗora fayil ɗin, sannan ka danna Export ka zaɓi Google CSV. Zai fito da suna a First Name da Last Name, lamba a Phone 1 - Value.

Inda ake yin ɓarna shi ne wajen buɗewa. Idan ka danna fayil ɗin CSV sau biyu, Excel zai ɗauki lambar waya a matsayin adadin lissafi. Sai 08030000000 ta rasa sifirinta na farko, +2348030000000 kuma ta koma 2.34803E+12. In ka adana CSV ɗin a haka, lambobin ƙarshe sun tafi ke nan. Don haka buɗe Excel babu komai, je Data, sai From Text/CSV. A File Origin zaɓi 65001: Unicode (UTF-8), domin ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai a sunaye irin su Ɗanjuma. A Data Type Detection kuma zaɓi Do not detect data types. Wannan ne ke tsare sifirin.

Wani lokaci za ka ga lambobi biyu a gida ɗaya, da ::: a tsakaninsu. Fara saka layin tsaye wanda babu komai a damansu, in ba haka ba lamba ta biyu za ta hau kan bayanan da ke kusa. Sai Text to Columns, Delimited, ka rubuta : a Other, ka yi alama a Treat consecutive delimiters as one, ka mai da kowane layi Text.

Saura daidaita lambobin. In lambobin suna layin C, kuma babu komai a D da E, sa na farkon nan a D, na biyun a E:

```
=SUBSTITUTE(C2," ","")
=IF(LEFT(D2,1)="0","+234"&MID(D2,2,10),D2)
```

Lambar Najeriya da ta gyaru, =LEN(E2) zai ba ka 14; ta Nijar mai +227 kuwa 12. Duk wadda ta saɓa, duba ta da idonka. Sai bayan wannan za ka yi Remove Duplicates a kan E, don kafin nan Excel bai san 0803 da +234803 mutum ɗaya ba ne. Ka adana aikin a .xlsx.